Ramin Da Ke Cikin Littafin Bashi: Yadda Amintaccen Yaron Shago Ke Cin Jarin Maigida A Goron Dutse

Duk wanda ya bi titin Aminu Kano ta Goron Dutse zai ga shaguna jere a bakin hanya: masu sarin kayan masarufi, masu siminti, 'yan kemis, masu cajin waya da POS. Mafi yawan masu irin waɗannan shaguna ba sa wuni a ciki. Alhaji zai leƙo da safe, ya wuce Singa ko Dawanau sarin kaya, ko ya tafi wani shagon nasa a Kwari, sai bayan Magariba ya dawo a yi masa bayanin ciniki. Tsakanin safiya da Magariba kuwa, kaya da kuɗi da littafi duk suna hannun mutum ɗaya, wanda galibi ƙane ne, ko ɗan 'yar'uwa, ko yaron da ya tashi a gidan tun yana ƙarami.

A unguwar nan dai akwai gidan gyaran hali na Goron Dutse, kuma cin amana na daga cikin tuhume-tuhumen da kotunan Kano suka saba saurara. Kundin Penal Code da Arewa ta daɗe tana aiki da shi ya fayyace laifin a sashe na 311, sannan ya ware sashe na 314 musamman ga akawu ko ma'aikacin da aka damƙa wa dukiya ya ci. Doka ta san irin wannan ɓarawon daban yake da mai fasa shago da dare. Shi ba ya fasa komai, makullin ma maigida ne ya ba shi.

Mutumin da ya yi fice wajen nazarin irin waɗannan mutane shi ne Donald Cressey, wani masanin halayyar masu laifi ɗan Amurka, almajirin Edwin Sutherland. Ya shiga gidajen yari uku a ƙasarsu, ciki har da na Joliet a jihar Illinois, ya tattauna da fursunoni 133, ya fitar da sakamakon a littafinsa Other People's Money a shekarar 1953. Zaɓen da ya yi wa mutanen shi ne abin lura. Bai ɗauki ɗan damfarar da ya nemi aiki da niyyar sata ba. Waɗanda ya ɗauka su ne suka karɓi amana da zuciya ɗaya, sannan wata rana suka ci. Tambayarsa ita ce: me ya canza a ranar?

Abin da ya gano abu uku ne, kuma sai sun haɗu. Mutum yana da wata matsalar kuɗi da yake ganin ba zai iya faɗa wa kowa ba. Ya ga cewa matsayin da yake kai zai ba shi damar magance ta a ɓoye. Kuma ya samu wata hujja da zai faɗa wa zuciyarsa don kada ya ɗauki kansa ɓarawo. Daga baya ne wani malamin akanta, Steve Albrecht, ya yayata tsara su a kusurwa uku: matsi, dama, da kafa wa kai hujja. Masu binciken kuɗi a duniya da wannan alwatika suke fara koyon aikinsu har gobe.

Matsin da ba a faɗa

Mutane kan yi saurin cewa talauci ne ke sa sata. Cressey bai ce haka ba, kuma abin da ke faruwa a shagunanmu ma bai nuna haka ba. Yaron da mahaifiyarsa ke kwance a asibitin Murtala zai iya tsayawa gaban maigida ya ce, "Alhaji, jikin Hajiya ya tashi, a taimaka." Wannan matsala ce mai faɗuwa, kuma sau da yawa ana taimakawa. Wadda ke kai mutum ga aljihun shago ita ce mai kunya. Ya ci zubin adashin da abokai suka ba shi riƙo. Ya zuba kuɗi a cacar ƙwallo ta waya ya faɗi. Ya shiga wata harkar intanet mai alkawarin ninka kuɗi, ta rufe da shi. Ya yi wa iyayen yarinya alkawarin lefe da ya fi ƙarfinsa, rana kuma ta matso. Babu ɗaya a ciki da zai iya buɗe baki ya faɗa wa mutumin da ya rene shi.

Tsadar rayuwa ta ƙara wa abin nauyi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 farashi ya yi ta hawa, har hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawarsa ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma dokar albashin ba ta hau kan wanda ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, wato kusan kowane shago a Goron Dutse. Yaran shago da dama ma ba su da albashi tsayayye. Kuɗin abinci ne kullum, ɗinkin Sallah, da alkawarin cewa wata rana za a sallame su da jari.

Daga wannan alkawari ne hujjar ke tsirowa. Kalmar farko kusan kullum ita ce aro: "Ara na yi, da na ɗauki adashi zan mayar." In ramin ya yi zurfin da mayarwa ba za ta yiwu ba, sai maganar ta koma: "Shekara tara ina yi masa bauta, ina sallamar?" Ko kuma: "Ai dukiyar kawuna ce, ina da haƙƙi a ciki." A nan ya kamata masu shago su ji gaskiya ko da ɗaci. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Maigidan da ke sa hannu a aljihun shago ya ɗebi kuɗin cefane ba tare da ya rubuta ba, ko ya sa yaro ya rage mudu, ko ya ce a faɗa wa mai karɓar haraji rabin ciniki, shi da kansa ya koya wa yaron cewa littafi ba wurin gaskiya ba ne.

Sai dai matsi da hujja duk a zuci suke, maigida ba zai gan su ba sai dai ya yi zato. Kusurwar da ke hannunsa ita ce dama, kuma ita ce ke barin sawu a takarda.

Yadda ake juya biyan bashi

Bari mu ɗauki misali, ba na wani shago takamaimai ba, amma da alƙaluman da duk mai sari zai gane. Shago ne na kayan masarufi: shinkafa, sukari, fulawa, taliya, man girki. Cinikinsa naira miliyan 12 a wata. Rabi kuɗi hannu ne, rabi kuma bashi ne ga masu tireda, masu shayi da masu abincin sayarwa, waɗanda ke ɗaukar kaya su biya bayan mako ɗaya ko biyu. Kowanne yana da shafinsa a littafin bashi. Yaro ɗaya ne ke ba da kaya, shi ke karɓar kuɗi, shi ke rubutawa.

Ranar wata Talata mai tireda ya kawo naira 150,000 na kayan da ya ɗauka. Yaron yana da matsala a ranar, sai ya sa kuɗin a aljihu bai rubuta ba. Da dare aka yi lissafi, komai ya yi daidai, domin kuɗin da ke aljihun shago sun yi daidai da abin da aka rubuta. A littafi dai mai tireda bai biya ba tukuna, kuma wannan ba abin mamaki ba ne.

Amma ba zai iya barin shafin haka ba, don ranar da Alhaji ya haɗu da mai tireda a masallaci ya tuna masa bashi, asiri ya tonu. Saboda haka bayan kwana biyar, da mai abinci ta aiko da naira 200,000, sai ya raba su: ya rubuta 150,000 a shafin mai tireda, ya rubuta mata 50,000 kawai. Yanzu shafin mai tireda ya wanku, ramin ya koma shafinta. Mako na gaba kuɗin mai shayi za su cike nata, na wani su cike na mai shayi. Ramin ba ya rufuwa, ƙaura kawai yake daga shafi zuwa shafi. Kuma tunda an ɗauka sau ɗaya ba a gane ba, na biyu ya fi sauƙi. A ce bayan wata shida ya kai naira miliyan 1.2.

Ta ina maigida zai gane, alhali lissafin kowane dare yana fita daidai? Ta wani ɗan lissafi da bai wuce minti goma ba. Kayan da ake bayarwa bashi na miliyan 6 ne a wata, wato naira 200,000 a kowace rana. A da, in aka tara duk abin da ake bin mutane, yana tsayawa wajen miliyan 2. Raba miliyan 2 da 200,000, ka samu 10. Ma'ana, kwastomomi suna biya cikin kwana goma. Yanzu jimillar bashin ta zama miliyan 3.2, ciniki kuma bai ƙaru ba. Raba ka gani: kwana 16. A takarda, mutanen da suka shekara suna biya cikin kwana goma sun koma biya cikin kwana goma sha shida, dukkansu a lokaci guda.

Yaron yana da amsa a shirye, kuma amsa ce mai shiga hankali: "Alhaji, kasuwa ce ba ta tafiya, kowa kuka yake." Mai yiwuwa ma gaskiya ne. Shi ya sa ake duba shafukan ɗaya bayan ɗaya. Wanda kasuwa ta tsaya masa yakan rage ɗaukar kaya. A nan kuwa mutane na ɗaukar kaya kamar kullum, biyansu ne kawai ke jinkiri. Mai abincin da ta saba biyan kuɗinta cif a dunƙule, yanzu shafinta ya cika da gutsattsarin biya, 50,000 yau, 85,000 jibi. Adadin da aka rubuta wa mutum bai yi daidai da kowane kaya da ya ɗauka ba. Kwanan watan da ke littafi yana bayan ranar da mutumin ya ce ya biya da kwana huɗu ko biyar. Akwai kuma gogewa da sake rubutu, da biro iri ɗaya da ya rubuta biyan kwanaki daban-daban a zama ɗaya.

Gwajin da ke yanke magana shi ne maigida ya ɗauki littafin da kansa, ba tare da ya sanar ba, ya zagaya wurin mutum biyar ko shida ya tambayi kowa: "Nawa ka san muna bin ka?" Kada ya fara faɗin adadin da ke littafi, ya bari mutumin ya faɗi nasa. Manyan kamfanonin binciken kuɗi ma abin da suke yi ke nan, sai dai su da wasiƙa suke yi.

Wannan salon sata yana da wani rauni: yana buƙatar mai shi kullum. In ya yi kwana uku ba ya nan, wani zai karɓi kuɗin mai abinci ya rubuta su duka a shafinta, ko mai shayi ya zo ya ga an rubuta masa bashin da ya riga ya biya. Don haka yaron da ba ya yarda ya huta, ba ya zuwa bikin ƙauye, zazzaɓi ma ba ya kwantar da shi, kuma ba ya son kowa ya taɓa littafi, shi ne wanda maigida ke yabo a gaban baƙi. Wani lokaci ƙwazo ne tsantsa. Wani lokaci kuma gadin rami yake. Dalilin da ya sa bankuna ke tilasta wa ma'aikatansu tafiya hutu ke nan.

Taransifa da tsohon farashi

Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, ya tura har masu tireda zuwa biya ta waya. Wannan ya toshe wata ƙofa ya buɗe wata. Kuɗin da suka shiga asusun shago suna da rana da sa'a da sunan mai turowa, ba a iya juya su yadda ake juya tsabar kuɗi. Amma ga jimlar da kowa ya sha ji a bakin kanta: "Netwok ɗin shago ba ya tafiya, turo ta wannan." Lambar da aka miƙo ta yaron ce, ta OPay ko Moniepoint ko wani banki. Sau da yawa da gaske netwok ɗin ne, kuma yaron yana mayar da kuɗin da yamma. Amma daga ranar da kuɗin shago suka saba kwana a asusun yaro, babu mai iya rantsuwa cewa duka suke dawowa.

Alamar a nan ita ce rabon ciniki. In a unguwar kowa ya koma taransifa, amma a shagonka kason taransifa yana raguwa, ka tambayi dalili. Haka in ka buga bayanan asusun shago na wata guda ka ga kuɗi suna shigowa a dunƙule daga sunan yaronka maimakon sunayen kwastomomi. Magani mai araha shi ne a rubuta lambar asusun shago da manyan baƙaƙe a bango, alat kuma ya riƙa shiga wayar maigida.

Hauhawar farashi ita ma ta zo da tata dabarar. An ƙara wa buhun sukari naira 3,000 da safe, yaro ya sayar a sabon farashi, ya rubuta tsohon. Buhu 50 kafin maigida ya ankara, naira 150,000 ke nan, kuma babu buhu ko ɗaya da ya ɓace. Mafi muni, tashin farashi yana ɓoye asara gaba ɗaya: cinikin da ke miliyan 12 bara ya zama miliyan 15 bana, Alhaji yana murna, alhali yawan buhunan da jarinsa ke iya sarowa ya ragu. Shi ya sa lissafin naira kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da na buhu da katan. Abin da ke sito a farkon wata, a tara da abin da aka saro, a cire abin da littafi ya ce an sayar, saura shi ne ya kamata a tarar. In an fara da buhun sukari 40, aka saro 200, aka sayar da 205, ya kamata a ga 35. In aka ƙirga aka samu 29, buhu shida sun fita ba takarda. Ba sai an ƙirga duk shagon ba. Kaya uku ko huɗu masu tsada da saurin tafiya sun isa, muddin ranar ƙirgar ba sananniya ba ce.

Irin wannan ƙirga ce ta tono labarin da duk Najeriya ta yi wa dariya a Fabrairun 2018, na naira miliyan 36 da aka ruwaito cewa maciji ya haɗiye a ofishin JAMB na Makurdi. Kuɗin katin rajista ne da ake sayarwa hannu da hannu. Da hukumar, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, ta daina amfani da katin ta zo tantance abin da aka sayar da abin da ya shiga asusu, sai giɓin ya fito. Macijin ne ya ja hankalin jama'a, amma hanyar gano abin ita ce dai ta buhun sukari.

Abin da alama ba ta tabbatarwa

Ƙungiyar masu binciken zamba ta ACFE, wadda aka kafa a Amurka a 1988, tana fitar da rahoto duk bayan shekara biyu. A na 2024 ta ce zamba irin ta ma'aikata takan yi kimanin wata 12 kafin a gano ta, kuma kashi 43 cikin ɗari ta hanyar tsegumi ake gano su, fiye da kowace hanya. Alamar da aka fi gani a jikin masu yi ita ce rayuwa fiye da samu, a kashi 39 cikin ɗari. Waɗannan alƙaluma daga kamfanoni da hukumomi aka tattaro su, ba daga shagunan cikin badala ba, amma darasin tsegumi ya shafe mu kai tsaye. Mai ɗaukar kaya a baro, ƙaramin yaron shago, maƙwabcin kanti, su ne ke fara gani. Ba sa faɗa ne saboda wanda za su kai ƙara ɗan gida ne, kuma sun san wa za a gaskata.

Duk da haka sabon babur ko babbar waya ba hujja ba ce. Yaro na iya samun gado, ko yana da 'yar sana'arsa ta gefe. Buhu shida na iya zama kyautar azumi da Alhaji ya bayar ya manta, ko an sauke kaya da ragi tun daga mota, ko kwastoma ya nuna alat na bogi an ba shi kaya. Bashi na iya tsawaita don kasuwa ta tsaya da gaske. Alama ɗaya dalilin bincike ce kawai, kuma zargin sata a unguwa irin Goron Dutse, inda kowa ya san gidan kowa, yana iya raba zumuncin da ba zai sake ɗinkuwa ba. Ita kanta alwatikar tana da iyaka. Ba ta bayyana wanda ya shigo da niyyar cuta tun ranar farko, kuma masana biyu, David Wolfe da Dana Hermanson, sun ƙara mata kusurwa ta huɗu a 2004, wato iyawa: juya shafuka goma na tsawon wata shida ba tare da an rikice ba aiki ne na mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda shi ne dai yaron da aka fi dogara da shi.

A ganina babban abin da ke hana masu shagonmu bincike shi ne kunya. Ƙirga kaya a gaban ɗan 'yar'uwa kamar ce masa ɓarawo ne, kuma zai iya kai ƙara gida: "Kawu ya daina yarda da ni." Wannan kuwa yana faruwa ne idan ƙirgar ta zo kwatsam bayan shekara biyar ba a taɓa yi ba. In tun ranar da aka ba shi makulli aka ce duk wata ana ƙirga, kuma maigida shi ma yana rubuta kuɗin cefanen da ya ɗauka a shafinsa, babu wanda zai ji an ware shi. Mai neman madogara a addini ma yana da ita: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

Shagon mutum biyu ba zai iya raba aiki kamar banki ba, amma abu guda yana yiwuwa: hannun da ke karɓar biyan bashi kada ya zama shi kaɗai ke da rubutun. A sayi rasit mai lamba a jere da kwafi a ƙasa, ko a ba kowane mai ɗaukar kaya bashi ɗan kati nasa da za a riƙa rubuta masa duk abin da ya biya a sa hannu. Da zarar rubutu ya zama biyu, ɗaya a shago ɗaya a aljihun mai shayi, juya biya ya zama da wuya, don kowane shafi yana da mai ƙaryata shi.

In kuma an riga an tarar da ramin, a fara ɗauke littafin da buga bayanan asusu kafin a yi wa kowa magana, sannan a zauna da yaron da shaida ɗaya daga dangi, a bi shafi-shafi. Mafi yawan irin wannan magana a Kano a zauren gida ko wurin mai unguwa take ƙarewa, da yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan, kuma ita ma a rubuta ta da adadi da kwanan wata da sa hannun shaidu, don ita za a gabatar in abin ya kai kotu. Mai abincin da ta biya 200,000 aka rubuta mata 50,000 kuwa ba a bin ta ragowar. Ta miƙa kuɗinta ga wanda maigida ya wakilta ya karɓa, saboda haka naira 150,000 ɗin nan tsakanin maigida da yaronsa suke.